Ranar da ban ce wa direba ya tsaya ba

A Gombe aka haife ni, a unguwar Bolari, kuma a nan na tashi. Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, saboda haka tun ina firamare na saba da mota. Idan an yi hutu yakan ɗauke ni zuwa kasuwannin ƙauye, mu tafi a matse cikin bas, mu dawo a saman buhunan masara da wake a bayan a-kori-kura, iska na dukan fuskata ina jin daɗi. Ba a taɓa sanina da tsoro ba. Ina faɗin wannan ne don wanda zai karanta ya san cewa abin da ya same ni, wato ciwon firgici, ba ya zaɓen matsoraci.

Ina ajin ƙarshe na sakandare Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ya dawo daga sallar la'asar, ya zauna a kan benci a ƙofar rumfarsa, ya dafe ƙirji, ya sulale ƙasa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya daɗe da hawan jini, sai dai ba kullum yake shan maganin ba. A zaman makoki duk wanda ya tambayi abin da ya faru, amsa ɗaya ake ba shi: zuciyarsa ce ta buga. Na ji wannan magana har ta zauna mini a kai. Ban yi kuka sosai ba a lokacin, don Hamma, babban yayanmu, ya ce mu ne maza, mu za mu riƙe Inna.

Bayan haka na samu gurbin karatun difloma a Bauchi, na fara zirga-zirga a wannan hanya mai kilomita wajen 150. Shekarar farko lafiya lau. A shekara ta biyu, cikin zafin bazara, na kwana ina karatun jarrabawa da kofi da goro, washegari na shiga bas zuwa gida ban karya ba. Kujerar baya na samu, a tsakiya. Mun wuce Alkaleri kaɗan sai na ji gabana ya yanke ya faɗi, ba tare da na ga komai ko na tuna komai ba. Zuciyata ta kama bugu kamar za ta fasa ƙirjina. Numfashi ya ƙi isata, yatsuna suka fara tsikari, leɓuna suka yi nauyi, mutanen cikin motar suka koma mini nesa-nesa. Abu ɗaya ne ya zo mini: irin mutuwar Baba ce ta zo. Na ɗaga murya ina salati, ina cewa a tsaya zan mutu. Direba ya gangara gefen titi, aka fito da ni, wani ya kwara mini ruwan leda a ka, wani dattijo ya riƙe goshina yana tofi. Kafin minti 15 na dawo daidai, sai gajiya da kunya.

Ni da duk wanda ke wurin mun tafi da fahimta ɗaya, wato saukowar da na yi ce ta cece ni. A kan wannan fahimtar rayuwata ta yi ta ƙuntata.

Da farko kuɗin kujerar gaba nake ƙarawa. Daga baya na koma biyan kujera biyu a gefen ƙofa, in ce ina da kaya. Sai abin ya same ni a kujerar gaban ma, na sauka a garin Bara, na zauna a ƙarƙashin bishiya har yamma, Hamma ya biyo ni da babur. Daga ranar na daina shiga bas gaba ɗaya. Zangon karatu ya wuce ba ni, na ce wa abokaina kuɗin makaranta ne babu. Abin bai tsaya a mota ba. A masallacin Juma'a na daina shiga sahun ciki, sai dai in shimfiɗa darduma a bakin titi inda zan iya tashi ba tare da na tsallake kowa ba. Wajen aski, da zarar an ɗaura mini ƙyalle a wuya sai gabana ya fara faɗuwa. Na daina ƙwallo, don duk abin da zai sa zuciyata ta yi sauri ya zama abin gudu. Dare da rana yatsuna biyu suna kan wuyana ina lissafin bugu.

Neman magani kuwa mun yi shi. A kemis aka ce taifod ne da maleriya, na sha allurai da ƙarin ruwa. Wata goggonmu ta ce iska ce na gamu da ita a hanya, aka yi ruƙiyya, na sha rubutu, aka yi hayaƙi. Wasu suka ce kambun baka ne saboda ni kaɗai ne na yi nisa a boko a gidanmu. Ba na raina ƙoƙarin kowa, duk ƙauna ce ta sa, kuma karatun Alƙur'ani yana kwantar mini da hankali har gobe. Amma ina idar da shi, in na tuna bas, sai cikina ya juya. Wani abokina ya kawo mini ƙwayar sa barci ya ce in riƙa haɗiya kafin tafiya. Allah ya taimake ni na nuna wa Hamma, ya karɓe ya jefa a masai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da ciwon da zan nuna. Ina cin abinci, ina tafiya da ƙafafuna. Wata rana na ji maƙwabciyarmu tana ce wa Inna, "Wannan yaron naki lalaci ne kawai, ba ya son karatun." Inna ba ta tanka ba, amma da dare na ji ta tana kuka a kan sallaya.

Hamma ne ya matsa muka je babban asibiti. Likitan farko ya auna jinina, ya sa aka manna mini wayoyi a ƙirji na'ura ta zana bugun zuciyata a takarda, aka duba yawan jini da sukari, aka kuma gwada aikin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don ya ce idan tana aiki fiye da kima takan kawo bugun zuciya da karkarwa. Ya tambaye ni ko ina da asma, ko ina shan tiramadol ko maganin tari mai kodin. Komai ya fito lafiya. Sai ya tura ni ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na tsaya a baranda na ce wa Hamma ni ba mahaukaci ba ne. Ya ce, "Na sani. Shiga dai mu ji."

Likitan da na samu a can bai yi gaggawa ba. Ya sa na ba shi labari tun daga rasuwar Baba. Da na gama ya ce, "Samari, abin da ke damunka ciwon firgici ne, kuma kusan kullum sai mun ga mai shi a ɗakin nan." Ya yi mini bayanin da har yanzu nake riƙe da shi. Jikin mutum yana da shirin ko-ta-kwana na ranar haɗari. Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, sai a saki sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara sauri don kai jini ga cinyoyi da damatsa, numfashi ya ƙaru, zufa ta karyo, ciki ya ɗaure. Duk wannan shiri ne na gudu ko faɗa, kuma lafiyayyar zuciya an halicce ta ne ta ɗauke shi, kamar yadda take ɗauka a filin ƙwallo. A wajen mai firgici, shirin yana tashi ne ba tare da haɗari ba. Ya ce in ɗauka mai gadi ne da ke busa usur ya tashi unguwa saboda kyanwa ta taka kwano.

Na ce, "To Likita, numfashin da ke ɗaukewa fa? Wallahi iska ba ta isata."

Maimakon ya amsa, sai ya maƙala mini wata 'yar na'ura a yatsa mai nuna yawan oksijin a jini. Ta nuna 98. Ya ce in yi ta jan numfashi da ƙarfi da sauri ta baki na minti ɗaya, shi yana kallon agogo. Kafin minti ya cika jiri ya ɗebe ni, yatsuna suka fara tsikarin nan da na sani, leɓuna suka yi nauyi, gabana ya faɗi. Na kama hannun kujera. Ya ce, "Dubi yatsanka." Lambar tana nan ba ta sauka ba. Ya ce matsalar ba ƙarancin iska ba ce, yawanta ne. Idan mutum yana haki, yana fitar da iskar kabon daga jininsa fiye da yadda ya kamata, kuma raguwarta ce ke sa jijiyoyin jinin da ke zuwa kai su ɗan tsuke a ji jiri, ita ce kuma ke kawo tsikari a yatsu da kewayen baki. Mutum ya ji haka sai ya ƙara tsorata, ya ƙara haki, abin ya ƙara ƙarfi. A kujerar asibiti, da bakina, na kira abin da na shekara ina ɗauka ajali ne, kuma cikin 'yan mintuna ya tafi da kansa.

Sannan ya zo kan maganar da ta fi yi mini wuyar karɓa. Ya ce firgici yakan kai ƙololuwa ne cikin minti 10 ko ƙasa da haka, daga nan ya fara sauka, domin jiki ba ya iya riƙe wannan shiri na dogon lokaci. Ko ka sauka daga mota ko ba ka sauka ba, zai sauka. "Duk ranar da ka ce a tsaya," in ji shi, "kana fita ne daidai lokacin da abin ya kusa juyawa da kansa. Sai jikinka ya rubuta cewa fitar ce ta cece shi. Gobe zai ƙara matsa maka ka fita da wuri." Ya ce kujerar gaba, da ruwan ledar da nake ƙanƙamewa, da taɓa wuya ina lissafi, da kiran Hamma a waya, duk aikinsu ɗaya: suna ba ni sauƙi na ɗan lokaci, suna hana ni ganin cewa ko babu su ba abin da zai faru.

Ya kuma ja mini layi a fili, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan. Ciwon ƙirji da ke zuwa idan ana aikin ƙarfi ko hawan tudu, ko wanda ke bazuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko suma ta gaske, ko numfashi mai fito irin na asma, waɗannan ba na zama a jira ba ne, na asibiti ne nan take. Ni an riga an bincika zuciyata, shi ya sa ya ba ni izinin zama da abin. Ya ƙara da cewa a firgici suma ba ta cika faruwa ba, don suma tana zuwa ne idan ƙarfin bugun jini ya faɗi, shi kuwa firgici ɗaga shi yake yi. Game da magani ya ce akwai na sha kullum wanda yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi da shi, amma ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam jiki yana sabawa da su, kuma mai haɗiyarsu kafin shiga mota ba zai taɓa sanin zai iya ba tare da su ba. Muka yi shawara mu fara da horo, idan bai wadatar ba a ƙara da magani.

Horon ya fara ne a ɗakina. Safe da yamma, lokacin da nake lafiya lau, in zauna in ɗora hannu a ciki, in ja numfashi ta hanci a hankali ina ƙirga huɗu, in sake shi ina ƙirga shida, ba tare da na cika ƙirji ba. Cikin ne zai motsa, kafaɗu su zauna. Wannan yana kawo numfashi wajen shida a minti. Likita ya ce wanda bai saba da shi a lokacin natsuwa ba, ba zai same shi a lokacin tashin hankali ba. Ya kuma gargaɗe ni kada in mai da shi makami, in riƙa yi da ƙarfi ina duba ko abin ya tafi. Aikinsa kawai ya hana ni haki. Bayan haka ya sa na koma gudu, in yi sassarfa har zuciyata ta buga sosai, in tsaya in saurare ta ba tare da na taɓa wuya ba. Ranar farko da na yi haka a filin makarantar unguwarmu, na yi kuka, don rabon da in bar zuciyata ta yi gudu tun kafin wannan tafiya ta Alkaleri.

Daga nan muka jera abubuwan da nake tsoro daga ƙarami zuwa babba. Keke Napep a tsakiyar mutum biyu. Aski har a gama. Sahun ciki ranar Juma'a. Bas zuwa Kumo, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, da farko da Hamma, daga baya ni kaɗai. Dokar ita ce ba na barin wuri saboda tsoro, kuma ba na hawa mataki na gaba sai na maimaita na ƙasa har ya fara gundurata. Yana sa ni in ba tsoron maki daga 0 zuwa 10 in rubuta a ƙaramin littafi, da abin da na yi zaton zai faru, da abin da ya faru a zahiri. Na rage kofi da goro da lemon ƙara kuzari, na daina tafiya da yunwa ko bayan kwanan zaune. Akwai ranar da na je tasha na juyo gida ban shiga ba. Likita ya ce ba komai, in koma washegari kada in bari kwanaki su shiga tsakani.

Ana haka Adda, yayata da ke aure a Bauchi, ta haihu. Inna da sauran mata suka riga ni tafiya. Hamma ya ce zai raka ni, na ce ya bari.

Na isa tasha da hantsi, bayan na karya da koko da ƙosai. Bas ɗin da ke lodi hayis ce mai cin mutum 18, saura kujera biyu, ɗaya a gefen ƙofa ɗaya a layin ƙarshe. Ɗan kamasho ya nuna mini ta ƙofa. Na tsaya jim, na ce masa ta baya nake so. Ya dube ni, ya karɓi kuɗi. Na kutsa ina ba mutane haƙuri har na zauna tsakanin wata dattijuwa mai ƙullin kaya a cinya da wani magidanci mai faɗin kafaɗa. An cusa buhu a ƙarƙashin kujerar har gwiwoyina sun taso, kayan but suna tokare mini baya, tagar layinmu kuma ba ta buɗewa. Da aka ja ƙofa aka rufe, na ba tsorona maki 5.

Muka fita ta Tumfure, muka wuce Lawanti, iska tana ɗan shigowa daga gaba, tsoron ya sauka zuwa 3. Har na fara tunanin wataƙila yau ba zai zo ba. Bayan mun wuce Bara muka tarar da layin motoci a wani shingen bincike, direba ya taka birki, iska ta ɗauke. Zafi ya taso daga ƙasan motar, warin fetur da na zufa da na daddawar da ke ƙullin dattijuwar suka cika mini hanci. Wani jariri a gaba ya fasa kuka. Nan take na ji faɗuwar gaban nan, irin ta ranar farko sak.

Na duba agogon wayata, 11:42, na mayar da ita aljihu. Zuciya ta ɗauki gudu. Wuyana ya ɗaure. Zufa ta karyo mini a baya, tafin hannuna ya jiƙe. Na ji bakina ya buɗe da kansa yana neman jan iska da yawa, kuma kalmomin suna kan harshena: direba, akwai mai sauka. Motar ma a tsaye take, mutum bakwai ne kawai za su motsa in fita. Tunanin ya zo da ƙarfinsa, cewa wancan karon firgici ne amma wannan na gaske ne, likita bai gano ba, haka Baba ya ji. Wannan tunanin shi ne mafi wuya a cikin abin duka, domin kowane karo yana zuwa ne kamar sabo.

Na rufe bakina. Na ce a zuciyata, na san ka, firgici ne, an duba zuciyata. Na sa tafin ƙafafuna biyu a kan buhun na danna, na saki kafaɗuna da na ga sun haye har kunne, na buɗe yatsun da na dunƙule. Na ɗora hannu a ciki a ƙarƙashin riga. Jan farko bai kai huɗu ba ya katse. Ban yi faɗa da shi ba, na mai da hankali kan fitarwa, a hankali kamar ba na so, ina karanta Hasbunallahu wa ni'imal wakil a zuci har iskar ta ƙare. Jikina yana ihu cewa iskar ba ta isa ba. Na tuna lambar nan 98, na bar shi da ƙishin iskarsa.

Maki ya kai 9. Gwiwata tana karkarwa tana bugun ta magidancin nan. Yatsuna suka yi tsikari, idona ya ga motar ta yi nisa. Hannuna ya tashi zai tafi wuya, na mayar da shi. Na bar idona a buɗe, don in na rufe babu abin da nake ji sai bugun zuciya. Na kafa shi a kan hular mutumin da ke gabana, zanna bukar ce mai ruwan toka, zaren gefenta ɗaya ya fara warwarewa. Na bi zanen da ido gida-gida. Na saurari muryar yarinyar da ke tallan gyaɗa a waje, da rediyon direba. Ba don in manta da abin nake yi ba, yana nan ina jin sa, sai dai na ƙi ba shi hankalina duka.

Dattijuwar ta juyo ta dube ni. "Ɗana, lafiya kuwa? Ka jiƙe sharkaf. In ce su buɗe maka ƙofa?"

Ban taɓa jin tayin da ya kai wannan daɗi ba. Na ce, "A'a Inna, na gode. Faɗuwar gaba ce, takan zo mini. Yanzu za ta wuce."

Ta yi shiru tana kallona. Sai ta ce, "To Allah ya sawwaƙe," ta zaro mafici daga ƙullinta tana yi mana fifita mu biyu, ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta tara mini jama'a ba, ba ta ƙara tambaya ba. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

Ban san daidai lokacin da ya juya ba. Na dai lura cewa fitar numfashina ta kai shida ba tare da ta katse ba. Sai ya sake yunƙurowa, ƙarami a kan na farko, gabana ya sake faɗuwa, na ce to, zo. Ya zo ya wuce. Motar ta motsa, iska ta shigo ta bugi rigata da ta jiƙe, na ji sanyi. Na ciro waya: 11:55. Minti 13, kuma maki ya dawo 4. Ina zaune a inda nake, tsakanin mutum biyu, ƙofa a rufe, ba wanda ya kwara mini ruwa. Abin da ya rage shi ne ciwon kai kaɗan, da gajiya kamar na yi dako, da hamma da nake ta yi.

Da muka zo Alkaleri na leƙa ta gilashi ina neman wurin da aka taɓa sauke ni, ban gane shi ba. A gadar Dindima wani ɗan ƙarami ya sake taɓa ni, bai wuce maki 5 ba, bai kuma daɗe ba. Na sauka a Bauchi ƙafafuna suna rawa. Da na shiga gidan Adda, Inna tana tsakar gida ana tuƙa tuwon suna. Ta dube ni, ta dubi bayana tana neman Hamma. Na ce ni kaɗai na zo. Ta ajiye muciya ta kama hannuna biyu, ta kasa cewa komai.

Da na koma wajen likita na nuna masa littafin, ya tambaye ni me na koya. Na ce numfashin ya yi aiki. Ya girgiza kai ya ce ko da na kasa numfashin gaba ɗaya, abin zai sauka, wataƙila ya ɗan ƙara mintuna ne kawai. Ya ce in sake yin tafiyar a cikin makon, kada in mai da ita abin tarihi. A wannan zaman ne kuma muka fara maganar Baba sosai, yadda ban yi kukansa ba, da yadda nake kwana da tunanin cewa ni ne na gaba. Ya ce tunda akwai hawan jini a gida, in riƙa aunawa lokaci-lokaci kamar kowane mai hankali, ranar da aka tsara, ba duk ranar da tsoro ya ce in auna ba.

Na koma makaranta na maimaita shekarar da na rasa, na gama. Yanzu ina aiki a wani shagon kayan gini a Gombe, kuma ni ake aikawa Bauchi da Kano karɓo kaya. Firgicin bai ɓace ba. Yakan zo idan na yi kwanaki ban samu barci ba, ko cikin azumi da yamma idan zafi ya yi yawa, wani lokacin kuma ba dalilin da zan iya nunawa. Akwai watannin da ba na jin ɗuriyarsa. A shekarar da ta wuce ya dawo mini da ƙarfi bayan rasuwar wani abokina, har na kama kaina ina neman kujerar ƙofa, sai na koma wajen likita muka sake bin matakan daga Kumo. A karo na biyu abin bai ɗauki lokaci kamar na farko ba.

Kwanakin baya ƙanin wani abokin aikina ya daina zuwa makaranta, ana cewa iska ce ke kama shi a aji. Na je na same shi, na ba shi labarin nan kamar yadda na rubuta shi. Na ce masa ni ba likita ba ne, kuma ba zan ce ciwonmu ɗaya ba sai an duba zuciyarsa da jininsa kamar yadda aka duba nawa. Yayansa ya karɓi katin asibiti, ranar Litinin zan raka su.